Yadda ake gina mutum-mutumin boksel daga hoton mutum har a gane shi

Tambaya: Malam, ina da hoton yayana yana tsaye, ina so in mayar da shi mutum-mutumin boksel, irin wanda ake ginawa da ƙananan bulo masu kusurwa huɗu. Na rage girman hoton na jefa shi cikin MagicaVoxel, sai ya fito a baje kamar katako. Da na ƙara masa kauri ya koma dunƙule guda, fuskar kuma ta dagule, ko ni ban gane shi ba. Ina kuskuren yake, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, manhajar ta yi abin da aka gina ta ta yi. Idan ka jefa mata hoto, kowane ɗigo na hoton takan mayar da shi bulo ɗaya, ta jera su a bango mai kaurin bulo ɗaya. Ba ta san inda hanci ya fito ko inda ido ya shige ba, domin hoton bai gaya mata ba. Don haka ka daina ɗaukar hoton a matsayin abin da za a juya ya zama mutum-mutumi. Ka ɗauke shi abin awo: daga cikinsa za ka ciro tsawo da faɗi da launi, sannan ka yi ginin da hannunka. Bari mu bi aikin da misali ɗaya tun daga farko. Tunda ban ga yayanka ba, zan ƙaddara mutum ne mai tabarau da gajeren gemu, goshinsa ya ɗan shige ciki, yana sanye da riga mai ratsi-ratsi.

Abu na farko da za ka yanke shi ne tsawon mutum-mutumin, wato bulo nawa ne daga tafin ƙafa zuwa ƙoƙon kai. Ni nakan ba mai farawa shawarar 48. Yanzu ka yi wannan lissafin tare da ni, don a nan ne fuskar yayanka ta ɓace. Mutum mai tsawon santimita 175, idan aka raba shi gida 48, kowane bulo yana ɗauke da kusan santimita uku da rabi na jikinsa. Faɗin idon mutum bai wuce santimita uku ba, buɗewarsa daga sama zuwa ƙasa kuwa kusan santimita ɗaya ce. Ke nan ido gaba ɗayansa bai cika bulo ɗaya ba. Lokacin da ka rage hoton, manhajar ta haɗa farin ido da baƙinsa da gira da fatar da ke kewaye ta fitar da matsakaicin launi guda, wani dusasshen ruwan ƙasa. Haka ta yi wa baki, haka ta yi wa firam ɗin tabarau. Dagulewar da ka gani ke nan.

Za ka iya cewa to a ƙara yawan bulon mana. Ana iya yi, sababbin fitowar MagicaVoxel suna karɓar har 256 a kowane gefe. Sai dai duk ninki ɗaya na tsawo yana ninka farfajiyar da za ka fenta sau huɗu, yawan bulon kuma sau takwas. Kuma tun kafin ka kai can, abin ya daina kama da ginin bulo, ya koma wani mutum-mutumi mai kaushin jiki. Maganin da masu wannan sana'a suke bi daban ne: a ƙara wa kai girma. A jikin babban mutum kai yana ɗaukar kusan kaso ɗaya cikin bakwai da rabi na tsawonsa, wanda a ma'auninmu bulo shida ne da ɗan ɗoriya. Mu za mu ba shi 16, kaso ɗaya cikin uku. Dubi mutanen wasan Minecraft: tsawonsu ɗigo 32 ne, kai ya ɗauki 8, gangar jiki 12, ƙafafu 12. Su ma kaso ɗaya cikin huɗu suka ba kai, kuma idon mai kallo bai ƙi ba, saboda a fuska muke neman mutum.

Rabonmu zai zama haka: kai 16, wuya 1, gangar jiki 15, ƙafafu 16. Tunda ma'aunin kai da na jiki sun bambanta, dole ka yanke kan daga hoton ka yi aikinsa shi kaɗai.

Kafin nan, ka sake duban hoton da idon mai awo. Idan an ɗauke shi daga kusa, kamar yadda mutum yake miƙa hannu ya ɗauki kansa da waya, hanci zai kumbura, kunnuwa su ɓuya, fuska ta tsuke. Idan daga sama aka ɗauka, ƙafafu za su gajarta. Ginin boksel ba shi da wannan karkatar, abin da ke nesa da na kusa duk girmansu ɗaya. Idan yayanka yana kusa kuma ya yarda, wanda ya kamata ka nemi yardarsa tun da siffarsa ce, ka tsayar da shi a inuwa, ka ja baya kamar mita uku, ka riƙe wayar daidai ƙirjinsa, ka ɗauki hoto uku: gaba, gefe, baya. Na gefen nan ya fi duk wata dabara da zan koya maka amfani. Idan kuwa hoton nan ɗaya ne kawai a hannunka, ba komai, za mu cike gibin da awon da aka sani na jikin ɗan'adam.

Ka buɗe hoton a GIMP ko wata manhajar gyaran hoto irinta, ka goge duk abin da ke bayan mutumin har ya zama babu komai, ka yanke kan daga ƙoƙo zuwa ƙarshen haɓa, ka adana shi a matsayin PNG. Kan babban mutum yana da tsawon kusan santimita 23 da faɗin kusan 15. Idan tsawon ya zama bulo 16, faɗin zai zo kusan 11, da kunnuwa 13. Na zaɓi 11 da gangan maimakon 10 ko 12. Lamba mara tana ba ka layi ɗaya a tsakiya inda hanci zai zauna. Da cika, hancin dole ya zama bulo biyu, wanda yakan dace da mai faffaɗan hanci amma ya ɓata mai siririn hanci. Ka dubi yayanka ka zaɓa, domin sauya wannan bayan an yi nisa kusan sake gini ne.

Ga yadda nake rage kan idan ina amfani da Python:

```python
from PIL import Image
kai = Image.open("kai.png").convert("RGBA")
kai = kai.resize((13, 16), Image.Resampling.BOX)
a = kai.getchannel("A").point(lambda v: 255 if v > 127 else 0)
kai.putalpha(a)
kai.save("kai_13x16.png")
```

Layi biyun da ke taɓa `A` suna yanke hukunci a kan ɗigon gefe: ko yana nan ko ba ya nan, don babu rabin bulo. A GIMP kuwa `Scale Image` ne ke yin ragin. Abin da ya fito zai ci gaba da zama a dagule, kada ka damu. Ba fuska muke nema daga gare shi ba. Taswira ce da ke gaya maka a layi na nawa gashi ya fara, ina gemu ya tsaya, ina muƙamuƙi ya fara tsukewa. Ka ajiye shi a gefen allo tare da ainihin hoton.

Yanzu ka buɗe sabon aiki a MagicaVoxel, ka kunna `Mirror X` don abin da ka yi a dama ya fito a hagu, ka sa kyamara a `Orth` don kada karkatar gani ta yaudare ka. Da `Attach` da burushin `Box` ka gina akwati mai faɗi 11, tsawo 16, zurfi 13. Lura da wannan lambar ta ƙarshe. Kan mutum ya fi tsawo daga goshi zuwa ƙeya fiye da daga kunne zuwa kunne, kusan santimita 19 zuwa 20 ne. Masu farawa kusan kullum sukan yi kan da sirara, saboda hoton gaba ba ya nuna ƙeya, sai mutum-mutumin ya yi kyau ta gaba, da an juya shi ya zama kamar an matse shi a ƙofa. Daga nan ka ɗauki `Erase` ka sassaƙe kusurwoyi: layi ɗaya ko biyu a saman kai, ƙasan ƙeya inda take gangarowa zuwa wuya, da gefen muƙamuƙi gwargwadon yadda taswirarka ta nuna. Kada ka yi ƙoƙarin mayar da shi ƙwallo. Matakala biyu a kowace kusurwa sun isa.

Fuskar ita ce wurin da ya cancanci ka zauna ka ɓata lokaci. Idanu suna tsakiyar tsawon kai, ba can sama ba kamar yadda hannu yake so ya sa su, don haka layi na 8 daga sama. A cikin ginshiƙai 11, na shida shi ne tsakiya. Ido ɗaya ya ɗauki ginshiƙi na 3 da na 4, ɗayan na 8 da na 9. Firam ɗin tabarau ya kewaye kowanne, daga layi na 7 zuwa na 9, ginshiƙi na 2 zuwa na 5 a gefe ɗaya, na 7 zuwa na 10 a ɗayan, bulo ɗaya a ginshiƙi na 6 ya zama gadar da ke kan hanci. Gira a layi na 6. Hanci daga layi na 9 zuwa na 11, ya fito waje da bulo ɗaya tak. Baki a layi na 13, faɗin bulo uku ko biyar. Kunne a gefe, tsakanin layin gira da na ƙasan hanci, ɗan baya kaɗan da tsakiyar zurfin kan.

Wannan tsarin zai ba ka fuskar mutum, amma ba ta yayanka ba tukuna. Kamanni a wannan ƙaramin fili ba ya zuwa daga daidaita komai, yana zuwa daga abubuwa uku ko huɗu da mutum ya bambanta da sauran jama'a. Ka tambayi kanka: in zan kwatanta shi ga wanda zai tarbe shi a tasha bai taɓa ganinsa ba, me zan ce? A misalinmu amsar ita ce tabarau mai kauri, goshi mai faɗi, gemun da ya haɗe da gashin baki. Waɗannan za ka ɗan zuzuta. Idan taswira ta ce gashi ya fara a layi na 3, ka ja shi baya a gefe biyu na goshi har ya hau saman kai. Idan gemu ya tsaya daidai haɓa, ka ƙara masa layi ɗaya a ƙasa kuma ka fito da shi gaba da bulo ɗaya. Sauran abubuwan, ƙananan layukan fuska da tabo da makamantansu, ka bar su. Bulo ɗaya a wannan fuskar ya kai kusan santimita ɗaya da rabi, ɗan tabon da ka sa zai zama kamar rauni.

Kuma ka sani bulo ɗaya yana sauya halin mutum gaba ɗaya. Idan kowane ido bulo biyu ne, ɗaya mai haske ɗaya mai duhu, ka sa masu duhun duka ta wajen hanci, sai ya zama mai harara-garke. Ka sa su duka ta waje, ya zama kamar hankalinsa ya tafi wani wuri. Ga mai tabarau nakan sa duka biyun su yi duhu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya. Gira ma haka: sauke ƙarshenta na ciki da layi ɗaya, mutum ya fusata. Na taɓa kwana biyu ina sauya launin fatar wani aiki ina neman dalilin da ya sa bai yi kama da mai shi ba, ashe bakin ne na sa a layi na 14 maimakon na 13, haɓar ta gajarta. Tun daga ranar, idan kamanni ya ƙi, wurin zaman abubuwa nake fara dubawa kafin launi.

Batun launi yana da tarko guda da kusan kowa ke faɗawa. Hoto yana ɗauke da hasken ranar da aka ɗauke shi: kunci ɗaya ya yi haske, ɗaya ya yi duhu, ƙarƙashin haɓa baƙi ƙirin, goshi yana ƙyalli. Idan ka kwafe waɗannan zuwa kan bulo, ka manna inuwar a jikinsa har abada. Manhajar kuma za ta ƙara tata inuwar a kai, sai fuska ta yi dabbare-dabbare kamar datti. Alamar wannan cuta ita ce, idan ka juya mutum-mutumin, ɓangaren da ke fuskantar haske ya ci gaba da zama mai duhu. Abin yi shi ne ka ɗebo launin fata daga wurin da ba ƙyalli ba inuwa, galibi tsakiyar kunci, kuma ka ɗebo matsakaicin fili mai ɗan faɗi, ba ɗigo ɗaya ba. A GIMP kayan ɗibar launi yana da zaɓin `Sample average` don wannan. Wannan launin shi zai rufe kusan dukan fata. Ka ƙara ɗaya mai ɗan duhu don cikin kunne da ƙasan hanci da wuya, da ɗaya mai ɗan haske don karan hanci. Uku ke nan.

MagicaVoxel tana ba ka gurbin launi 255, amma aikin nan 14 yake buƙata: fata uku, gashi da gemu biyu, ido biyu, baki ɗaya, tabarau ɗaya, riga biyu, wando biyu, takalmi ɗaya. Idan ka bar wa kwamfuta ta zaɓa maka ta hanyar `Indexed` na GIMP, ka tabbata ka kashe `dithering`, in ba haka ba za ta barbaɗa ɗige-ɗige a fuska. Ni dai na fi son zaɓa da hannu, musamman ga mai duhun fata. A hoton da haske bai wadata ba, fata da gashi da gemu da baƙin firam sukan matso kusa da juna har rage launi ya haɗe su wuri ɗaya, fuskar ta zama dunƙule. Kada ka gyara wannan da hasken fatar mutum fiye da yadda take, domin ka sauya shi ke nan. Ka riƙe fatar da ɗuminta na ja-ja ko ruwan ƙasa, ka tura gashin zuwa baƙi mai ɗan sanyi, ka ba firam ɗin wani launi da zai fita, ka gyara fitilar wurin nuni. Gwajin mai sauƙi ne: ɗauki hoton allon ka cire masa launi ya koma fari da baƙi. Idan har yanzu kana bambance gemu da kunci, ka yi daidai.

Jiki ba ya buƙatar dogon bayani. Gangar jiki faɗi 13, zurfi 7, domin kaurin ƙirji kusan rabin faɗin kafaɗu ne. Hannuwa 3 da 3 a kowane gefe, ƙafafu faɗi 6 kowacce da ratar bulo ɗaya a tsakani, takalmi ya fito gaba da bulo biyu. Idan mutumin mai tumbi ne ko mai ranƙwafawa, ka nuna, don daga nesa da tsayuwa ake gane mutum kafin a ga fuskarsa. Ratsin rigar ma kada ka kwafa. A zahiri kowane ratsi ya fi bulo sirara, ragin hoto zai narkar da su su zama toka-toka. Ka sake zana su da ma'auninka: bulo ɗaya mai duhu, biyu masu haske, kana farawa daga tsakiya, kuma ka zagaya da su har baya da gefuna. Dunƙulen da ka samu da farko ya faru ne domin jan hoton gaba zuwa baya yana maimaita launin gefe a duk tsawon zurfin, har fuska ta fito a ƙeya. Baya da gefe fenti ne na daban da za ka yi da kanka.

Idan ka samu hoton gefe, akwai gajeriyar hanya ta samun dunƙulen jikin da za ka fara sassaƙawa. Ka rage inuwar siffar gaba da ta gefe zuwa tsawo ɗaya, ka bar bulo kawai a inda duka biyun suka yarda akwai jiki:

```python
# gaba[z, x] da gefe[z, y]: True inda akwai jiki
jiki = gaba[:, :, None] & gefe[:, None, :]
```

Tana aiki, amma ka san iyakarta. Kowane yanki na jiki zai fito da kusurwa huɗu cif, sai ka sassaƙe. Ramuka irin kwarmin ido ba za su fito ba, tunda ba a ganinsu a inuwar siffa. Hannuwa kuma za su ɗauki kaurin ƙirji gaba ɗaya, saboda a hoton gefe hannu yana kwance a kan gangar jiki. Kuma dole layukan hotunan biyu su dace, haɓa da haɓa, kafaɗa da kafaɗa, in ba haka ba za ka ga an yanke wani yanki. Ga mutum-mutumi mai tsawon 48, sau da yawa ginin hannu ya fi sauri.

Da ka gama, ka kashe `Mirror X` ka saka abubuwan da ba su da tagwaye: tsagar gashi, agogo, aljihun riga. Fuskar da gefenta biyu suka yi daidai ɗari bisa ɗari takan yi kama da ta kowa. Sannan ka gwada ta hanya uku. Ka ƙanƙantar da shi a allo har ya kai girman babban yatsa, domin a nan ido yake haɗe bulon ya ga mutum, idan ka zura ido kusa ba za ka ga komai ba sai murabba'ai. Ka juya shi rabi tsakanin gaba da gefe, inda kuskuren zurfi yake tonuwa. Na uku, ka nuna wa wanda ya san yayanka ba tare da ka ce komai ba. Idan ya yi jim, ka tambaye shi me ya rasa, amsarsa takan zama abu ɗaya, kamar "goshinsa ya fi haka".

Idan niyyarka ka fitar da shi a na'urar buga abubuwa masu jiki, ka duba abu biyu tun yanzu. Bulo biyu da suka taɓa juna ta kusurwa ko ta baki kawai ba a haɗe suke ba, dole su haɗu fuska da fuska. Sannan ka lissafa kauri: idan kowane bulo milimita 2 ne, tsawon zai zama santimita 9.6, duk abin da ke da kaurin bulo ɗaya kuma milimita 2 ne kacal. Shi ya sa nake manna firam ɗin tabarau a jikin fuska maimakon in bar rata a bayansa, wuyan kuma in yi shi aƙalla 5 da 5, don babban kan nan da muka gina a kansa zai zauna.